Abin da Zan Rubuta a Ƙasan Hoton Buɗa Baki

Lahadi, 2 ga azumi, bayan la'asar

'Yata Rahma ce ta ba ni wannan littafin, ragowar na makarantarta. Ta ce tunda yatsuna ba sa jituwa da waya, in riƙa rubuta abin da nake so a takarda tukuna, in ya yi mini sai a kwafa. Ni Alhaji Kalilu mai injin shinkafa, wanda ya fara da wanke tukunyar turara shanshera, shinkafar da ba a casa ba, a gidan wani, yau ga injin uku da ma'aikata goma sha ɗaya, wai layi biyu na ƙasan hoto ne ya gagare ni.

Shekara shida kenan duk azumi ana ɗaukar hoton buɗa baki a gidan nan a saka a sitatus ɗina na WhatsApp. Babban ɗana Muhyiddin ke yi. Shi ke jingina wayar a kan bokitin fenti, ya saka ta ƙirga goma, ya rugo ya zauna. Shi ke rubutun ƙasa. Ban taɓa tambayar yadda yake yi ba, ni dai mutane su ce Alhaji hotonku ya yi kyau.

Bana yana Makurdi da matarsa Huseina da 'yarsu Ilham. Wata huɗu kenan. Ba zan rubuta dalili a nan ba, na san shi.

Litinin, 3 ga azumi, bayan asham

Mun ɗauka. Rahma ta ce dole a yi kafin kiran salla da kamar minti goma, don hasken yana nan, kuma da an ce Allahu akbar babu mai sauraron kowa, baki ya cika da ƙosai. Ta sa muka juya tabarma muka fuskanci yamma, wai in rana tana bayanmu fuskokinmu baƙi za su fito. Sau uku aka yi. Na farko matata Hajiya Dijatu ta rufe ido, na biyu ni na motsa.

Mu uku ne. Tabarmar ta yi mana yawa.

Na rubuta: Alhamdulillah, buɗa baki da iyali. Rahma ta ce ba laifi. Yadda ta ce ba laifin ban ji daɗinsa ba.

Ta nuna mini wani ɗan ido a ƙasan hoton da lamba a gefensa. In ka ja shi sama sai ya jero maka duk wanda ya kalla da lokacin da ya kalla. Shekara shida ban san da wannan ba.

Talata, 4 ga azumi, da hantsi

Mutum tamanin da bakwai. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Dillalan shanshera, direbobi, 'yan uwan Hajiya na Kwandere, har da mai gyaran janareto. Muhyiddin babu.

Talata, bayan magariba

Hoton jiya ya ɓace da kansa. Ashe awa ashirin da huɗu kawai yake yi. Ke nan in mutum bai buɗe waya a ranar ba, ya wuce shi. Na ce wa Rahma to kullum za a ɗauka. Ta dubi uwarta, uwar ta dubi kaskon ƙosai.

Alhamis, 6 ga azumi

Casa'in da biyu. Babu.

Asabar, 8 ga azumi, bayan azahar

Zafi kamar a cikin tukunyar turara. Ba wuta tun jiya, ƙanƙara sai an je har Azuba.

Na gaji da Alhamdulillah buɗa baki da iyali. Kwana biyar abu ɗaya. Na duba na mutane in ga yadda suke yi. Wasu Turanci, wasu Larabci da hoton fitila da jinjirin wata, wasu doguwar addu'a an ce ka tura wa mutum goma. Duk na wani ne suka kwafo. Ni ba na sa rigar aro.

Na tambayi Rahma me yayanta yake rubutawa a da. Ta nemo na bara a wayarta, ta ajiye shi. Mu shida, Ilham a cinyata ta sa hannu cikin kofin kununa. A ƙasa ya rubuta: Wadda ba ta yi azumi ba ita ta fara buɗa baki. Shi kenan. Ba addu'a ba komai. Na tuna a lokacin har na ce masa wannan wane irin rubutu ne kamar na yara.

Na ce ta turo mini. Ban saka ba. Ina dai da shi.

Litinin, 10 ga azumi, da safe

Jiya a tafsiri malam ya yi magana a kan haƙƙin iyaye. Ya yi kyau sosai. Na dawo na zauna na cika shafi guda, yau za a saka.

Litinin, bayan asham

Rahma ta ƙi kwafa. Ta ce Baba wannan ba rubutun ƙasan hoto ba ne, huɗuba ce. Na ce ba ra'ayinta na tambaya ba. Ta ce ko ta kwafa ba zai fito duka ba, layi biyu ko uku ake gani a kan hoton, sauran sai mutum ya danna, kuma in ya danna rubutun zai rufe mu gaba ɗaya. Hoton kansa daƙiƙa kaɗan yake yi ya wuce in ba a dafe shi da yatsa ba. Na karɓi wayata na rubuta da kaina. Minti arba'in ya ɗauke ni, kununa ya huce.

Na taƙaita shi. Na ce azumi ba yunwa kaɗai ba ne, duk wanda iyayensa ke fushi da shi ya binciki azuminsa, kuma yaran zamani su sani ba a girma a fi uba.

Gaskiya ce ai. Ban kama suna ba.

Talata, 11 ga azumi, bayan la'asar

Ɗari da talatin da ɗaya. Bai taɓa kai haka ba. Amin amin ta yi ta shigowa. Wani dillali ya rubuto, Alhaji ka yi haƙuri, yaro ne. Yayar Hajiya ta kira daga Kwandere ta ce me ya yi zafi har aka kai shi waya. A injin ma'aikata suna gaishe ni suna kallon ƙasa.

Ban kama suna ba.

Hajiya ba ta yi mini magana ba sai da muka zo buɗa baki. Ta ajiye mini dabino ta ce, "Alhaji, in za ka yi wa'azi ka sa hoton masallaci. Kada ka ƙara sa fuskata a ƙarƙashin habaici." Ta tashi da farantinta ta koma ɗaki. Yau ba a ɗauki hoto ba.

Mutum ɗari da talatin da ɗaya sun karanta, ban da wanda aka yi dominsa.

Laraba, 12 ga azumi

Ba hoto.

Juma'a, 14 ga azumi, bayan an sauko

A masallaci wata yarinya ta bi ta gabana riƙe da takalmin ubanta, tsayinta ɗaya da Ilham. Ko ba ɗaya ba, wata huɗu yara suna tsawo.

A da, da yamma in na dawo daga injin Ilham takan tare ni a ƙofa ta ce Alhaji ka zo da ƙura, ta kama kakkaɓe mini hula. Ita ba ta ce mini Kaka, Alhaji take cewa kamar wata dillaliya.

Asabar, 15 ga azumi, bayan asham

Na ce wa Rahma ta koya mini yadda ake yi, ba don komai ba, don kada a ce gidan Alhaji Kalilu sun daina. Ta yi dariya ta zauna. Ta ce abu uku ne. Kada in faɗi abin da kowa ke gani a hoton, an ga ƙosai an ga kankana, ba sai na ce ga ƙosai ba. Kada in gaya wa mai kallo abin da zai yi da rayuwarsa, yana da malaminsa. In faɗi abu ɗaya ƙarami da ni kaɗai na sani game da wannan yammacin. Na ce na ukun ne mai wuya. Ta ce shi ya sa mutane ke kwafar na wasu.

Na lallashi Hajiya ta dawo tabarma. Ta ce sai ta ga rubutun kafin a saka. Na yarda. A gidana.

Na gwada huɗu a nan:

Kunun gyaɗar Hajiya, shekara ashirin da tara bai canza ba.
Rana ta faɗi, mun gode.
Rabin wata ya tafi kamar jiya aka fara.
Har yanzu ana soya ƙosan mutum shida.

Rahma ta sa yatsa a kan na huɗu. Na ce a'a. Na farko aka saka. Hajiya ta ce shekara talatin ne, ban iya lissafi ba, amma ta bari.

Lahadi, 16 ga azumi

Mata sun yi ta turo alamar zuciya. Ɗari da huɗu. Babu.

Talata, 18 ga azumi, da hantsi

Na tambayi Rahma, a kaikaice, ko mutum zai iya kallon abu sunansa bai fito ba. Ta ce zai iya, in ya kashe alamar nan mai shuɗi da ke nuna an karanta saƙo. Ke nan wataƙila yana gani kullum yana ɓoyewa. Wataƙila ya ga na ranar Litinin ɗin nan.

Duk yinin yau da wannan na yini. Gara a ce bai gani ba, ko gara a ce ya gani? Ban sani ba.

Alhamis, 20 ga azumi, bayan asham

Iorwuese ya zo buɗa baki. Shi ke kula da babban injin shekara tara, Tibi ne, Kirista, amma duk azumi sai ya zo sau ɗaya ya cinye mana doya da ƙwai. Abokin Muhyiddin ne tun suna samari, kuma na san ɗan uwansa ne ya samo wa Muhyiddin aikin da yake yi a Makurdi, ko da yake ba mu taɓa yin maganar ba.

Ya shiga hoto, ya cika gefen tabarmar. Hajiya na tsokanarsa wai azumin awa nawa ya yi, ya ce tun ƙarfe huɗu bai ci komai ba. Ana cikin haka ya ce, "Oga, ka ga Ilham haƙorinta ya fita? Manaja ya sa a sitatus jiya."

Manaja suke ce wa Muhyiddin a injin. Har yanzu.

Na ce ban gani ba, ba na kallon irin waɗannan abubuwan. Ya ce ai kullum yana sawa. Rahma ta ce ita ma tana gani, Hajiya ma. Ashe duk gidan nan ni kaɗai ne. Na ce to ya rufe ni ne, ba komai, wayarsa ce.

Rahma ta ce in ba ta wayata. Ta duba ta duba, ta ɗago ta ce, "Baba, ina lambar Yaya?"

Na ce su ci abinci.

Juma'a, 21 ga azumi, bayan asuba

To. Na goge ta. Ranar da ya kwashe kayansa na goge, a tsaye a bakin injin. Lambar tana kaina, ko a barci aka tashe ni zan faɗe ta, shi ya sa ban ɗauka gogewar wani abu ba ne. Na ɗauka in ya kalla lambar za ta fito ba suna, ita nake nema a jerin nan kullum.

Rahma ta yi mini bayani bayan Iorwuese ya tafi, a hankali kamar mai gaya wa mara lafiya sakamakon asibiti. Sitatus ba ya zuwa wa mutum sai kana da lambarsa a ajiye, shi ma yana da taka. In ɗaya ya goge, shi kenan, ba ka ganin nasa ba ya ganin naka.

Kwana goma sha takwas ina jera hotuna a ƙofar da ni na kulle.

Abu ɗaya dai, bai ga na ranar Litinin ba. Sai in wani ya ɗauka ya tura masa. Na tambayi Rahma ko an tura. Ta ce ita dai ba ta tura ba.

Asabar, 22 ga azumi

Ban mayar ba. Shi ya tafi, ba ni na tafi ba.

Lahadi, 23 ga azumi

Ban mayar ba.

Litinin, 24 ga azumi, bayan azahar

Na mayar. A ofis, na rufe ƙofa. Na tsaya a wurin suna na rasa me zan sa. A da Manaja na sa masa. Na sa Baban Ilham.

Ko minti biyu ba a yi ba sai ga shi a jerin sitatus, a sama, da koren zobe a kewaye da hotonsa. Na gane abin da wannan ke nufi ba sai an gaya mini ba. Tawa tana wayarsa. Wata huɗu da duk abin da na faɗa, bai goge ba.

Ban buɗe ba. In na buɗe zai ga sunana.

Litinin, bayan la'asar

Rahma ta ce in ina so ta kashe mini shuɗiyar alamar nan, in kalla bai sani ba. Na ce yauwa, yi. Ta ce amma in sani, in ta kashe, ni ma ba zan ƙara ganin waɗanda suka kalli nawa ba. Wai haka abin yake, ba a ba ka ɗaya a hana ɗayan.

Na ce wanda ya ƙera wannan abin mugu ne. Ta ce ko mai adalci ba.

Na ce ta bar shi yadda yake.

Litinin, bayan asham

Na buɗe. Ƙarfe takwas da minti goma sha biyu, haka zai gani.

Ɗaki ɗaya ne, na ga katifa a jingine a bango. Leda a ƙasa, faranti biyu, kankana, burodi. Huseina ta rame. Shi ba ya ciki, shi ya ɗauka. Ilham ta buɗe baki tana nuna gurbin haƙori, na biyu kenan. Ya rubuta: Ta kai azahar yau, ta ce a rubuta mata rabi.

Na dafe da yatsa don kada ya wuce. Na daɗe a haka. Hajiya ta leƙo ta gani ta koma.

Talata, 25 ga azumi, da safe

Jiya mun saka namu. Na rubuta, Zafi ya yi sauƙi yau, an sha iska. Ƙarfe tara da minti biyar: Baban Ilham.

Na rufe na sake buɗewa, yana nan. Tsakanin mai gyaran janareto da wata ƙawar Hajiya.

Bai ce komai ba. Ni ma ban ce ba.

Laraba, 26 ga azumi

Na kalli nasa, ya kalli nawa. Kamar maƙwabtan da ke gaisawa ta kan katanga da ido.

Alhamis, 27 ga azumi, bayan la'asar

Saura kwana biyu ko uku. In wata ya ƙare a haka, hoton ya ƙare, ba ni da wani dalilin sa komai, sai wata shekarar.

Abin da na faɗa masa a gaban mutane na faɗa. Ma'aikata goma sha ɗaya, da direbobi biyu, da matan da ke shanya. An kashe injin a lokacin, kowa ya ji. A kan abin da daga baya ya bayyana ba shi ya yi ba. Na sani tun sati biyu da tafiyarsa. Wannan ne karo na farko da na rubuta shi ko a takarda.

Na nuna wa Rahma abin da na tsara. Ta karanta, sannan ta ce akwai yadda ake yi a zaɓi mutum ɗaya kawai ya gani, sauran ba za su san an saka ba. Ta ce ta saita mini haka? Na ce da na yi maganar ban zaɓi mutum ɗaya ba.

Na so in ƙara da cewa Allah yana son masu yafiya. Ta ce, "Baba, ka fara kuma." Na soke.

Alhamis, bayan asham

An ɗauka shida da rabi, mu uku. Hajiya ta karanta, ta miƙo mini wayar, ta ce in danna da kaina.

Har yanzu ana soya ƙosan mutum shida a gidan nan. Na yi wa ɗana magana a gaban jama'a, kuma ni ne ban yi daidai ba.

Layi uku ya ci, ya fito duka ba sai an danna ba.

Juma'a, 28 ga azumi, da hantsi

Ɗari da hamsin da shida. Ba wanda ya turo amin. Iorwuese ya shigo ofis ya ce Oga ina kwana, ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya ce bel ɗin ƙaramin injin ya saki.

Baban Ilham ya kalla tun bakwai da minti hamsin na jiya. Shiru. Shi bai saka nasa ba.

Juma'a, bayan la'asar

Shiru. Bakwai da wani abu zai ɓace.

Juma'a, bayan magariba

Saƙonsa ya shigo ina tsakiyar alwala. A ƙarƙashin ɗan hoton ya amsa.

"Na gani Baba. Ina aiki har gobe da dare, sai Lahadi za mu taso. In azumi ya kai talatin za mu sha ruwa a gida."

Na karanta wa Hajiya sau biyu. Ta ce in ba ta ta gani da idonta. Na rubuta masa Allah ya kawo ku lafiya, na tsaya ina neman abin ƙarawa, ban samu ba, na tura haka.

Asabar, 29 ga azumi, bayan azahar

Tun ina yaro ban taɓa roƙon azumi ya kai talatin ba sai yau. A wannan zafin. Ma'aikata na cewa in sha Allahu gobe Salla, ina cewa Allah ya zaɓa mana, a raina ina cewa a ƙara kwana ɗaya.

Asabar, bayan isha

An ga wata. Rediyo ya faɗa, yara sun cika layi da ihu. Gobe Salla.

Za su zo, ya ce motar farko za su biyo, wataƙila su tarar an sauko daga idi. Na gode wa Allah. Amma buɗa bakin bana ya wuce, ba shi a ko ɗaya. Na faɗa wa Hajiya haka tana tsakiyar yanka albasa. Ba ta ɗago ba ta ce ai akwai sitta shawwal, in da gaske nake, in tashi da azumi jibi ta ga wanda zai bar ni in sha ruwa ni kaɗai.

Ban taɓa yin sitta shawwal da wuri ba, kullum sai wata ya kusa fita.

Na ce ta jiƙa wake.